Daren Kafin Zaman Kwamiti

Gobe da ƙarfe 10 zan gurfana gaban kwamitin ladabtarwa na makarantarmu, bisa zargin na yi fashin aiki kwana uku. Ban yi ba. Jinyar mahaifiyata na tafi, kuma shugaban makaranta da bakinsa ya ce in je. Kuskurena, ban nemi izinin a rubuce ba.

Abin da nake tsoro shi ne zuciyata. In raina ya ɓaci murya na rawa, sai in fara tono tsofaffin ƙorafe-ƙorafe, a manta da zancen kwana ukun.

Don haka na rubuta ranakun a takarda, na haɗa da katin asibiti. Bayan sallar isha'i na karanta amsata a bayyane sau biyu, har na iya faɗin "ranka ya daɗe" ba tare da ɗaci ba.