Kuɗin da ya shigo shago daban, riba daban: yadda nake fitar da harajina na shekara

Tun da aka fara maganar sabuwar dokar haraji, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, babu zaman da za a yi a rumfa ba a tayar da ita ba. Abin da ya fi tsorata mutanenmu shi ne zaton cewa duk kuɗin da ya shiga asusun banki za a yanki wani kaso a ciki. Ba haka ba ne. Ɗan kasuwar da ke cin gashin kansa, ribarsa ake ɗora wa haraji, wato abin da ya rage bayan an cire kuɗin kaya da ɗawainiyar kasuwancin. Matsalar ita ce yawancinmu mun san cinikinmu sarai, amma ribar sai dai mu yi kirdado.

Ni wake da masara da gero nake sayarwa, ina saro su daga Dawanau a Kano. Zan kawo lissafin shekarar da na rufe, na daidaita lambobin don su yi sauƙin bi, sannan in ɗora shi a kan sabon ma'aunin.

Cinikin shekara gaba ɗaya ya kama naira 38,400,000. Wannan ya haɗa da tsabar kuɗi, da abin da aka turo ta banki, da kayan da na bayar bashi, domin kaya in sun fita da sunan ciniki, ciniki ne ko da kuɗin bai zo hannu ba. Amma ba duk abin da ya shiga asusuna na ƙirga ba. Akwai kwasar adashi, akwai sautun da 'yan'uwa ke turowa in saya musu kaya in aika gida, akwai rancen da wani aboki ya mayar mini. Waɗannan ba ciniki ba ne. Shi ya sa nake ganin ya fi dacewa mutum ya ware wa shago asusunsa daban. In komai ya cakuɗe a wuri guda, ranar da jami'in haraji ya dubi takardar banki, kai ne za ka yi ta rantse-rantse a kan kowane layi.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne kuɗin kaya. A shekarar na sari kaya na naira 33,500,000. Mai gaggawa sai ya cire wannan daga ciniki ya ce ga ribarsa. To amma ba duk abin da na sara na sayar ba, kuma ba da shago fayau na shiga shekarar ba. Ranar farko ta shekara ina da kaya na naira 2,600,000 a ajiye. Ranar ƙarshe, da muka rufe ƙofa ni da yarona muka ƙirga buhu-buhu, mun sami na naira 4,100,000. Saboda haka kayan da suka fita su ne na farkon shekara da waɗanda na sara, a cire waɗanda suka rage. Ya zama naira 32,000,000.

Wannan ƙirgen na ƙarshen shekara shi ne ginshiƙin lissafin. A farashin sari ake ƙiyasta kayan, ba a farashin da kake fatan sayarwa ba. In ƙwari sun cinye wani buhun wake, ko ruwa ya taɓa masara har darajarta ta faɗi, sai a sa shi a abin da zai iya kawowa yanzu. Da zarar ka yi haka, asarar ta riga ta shiga lissafi da kanta. Kada ka sake rubuta ta a jerin kashe-kashe, cirewa sau biyu ke nan. Wanda kuma ya ƙi ƙirga ragowar kayan kwata-kwata, a irin lissafina, zai ga kamar faɗuwa ya yi, alhali ribarsa na jibge a gabansa cikin buhuna.

Sai kayan da aka ci a gida. Dukkanmu muna yi: a auni wake a kai wa uwargida, a ɗauki buhun gero lokacin azumi, a ba baƙon da zai koma gida tsaraba. Halal ɗinka ne, ba wanda ya hana ka. Sai dai ba sayar da su aka yi ba, don haka ba za su zauna cikin kuɗin kayan da aka sayar ba. Nawa na shekarar ya kai naira 300,000 a farashin sari. Da na cire, kayan da aka sayar suka tsaya a naira 31,700,000. A cire wannan daga ciniki, saura naira 6,700,000. Wannan ita ce ɗanyar riba, ba a taɓa ɗawainiya ba tukuna.

Ƙa'idar ɗawainiya guda ce: abin da aka kashe don kasuwancin kaɗai shi ake cirewa. Kuɗin mota daga Kano zuwa Legas da lodi da saukale sun ci naira 1,500,000. Albashin yaron shago, dubu arba'in a wata, ya zama 480,000. Kuɗin kasuwa da wuta da buhuna da abin da banki ke yanka sun haɗu a 320,000. Hayar shago kuwa, mai shagon ya karɓi ta shekara biyu a dunƙule, naira 1,200,000, kamar yadda masu gidajen garin nan suka saba. Rabinta kawai, 600,000, ya shafi wannan shekarar. Ɗaya rabin na baɗi ne, sai baɗi za a cire shi. Jimillar ɗawainiya ta zama naira 2,900,000, riba ta tsaya a naira 3,800,000.

Kuɗin cefane, da na makarantar yara, da abin da nake aika wa mahaifiya, da gudummawar biki, duk ba su shiga ba. Ko abin da nake ɗauka kullum in ce ladan wahalata ne, shi ma bai shiga ba, domin mai shago ba ya biyan kansa albashi, ribar ce ladansa. Haka babban abu mai daɗewa, kamar janareta ko sikeli ko babur na kai kaya, ba a cire kuɗinsa gaba ɗaya a shekarar da aka saya. Doka ta tsara a riƙa cire wani kaso duk shekara har ya ƙare, don haka a adana rasiɗinsa.

Akwai hanyar da nake gwada lissafin in ga ko ya tsaya da ƙafarsa. Nakan tambayi kaina, in da gaske na ci ribar miliyan uku da dubu ɗari takwas, ina take? Kayan shago sun ƙaru da 1,500,000. Hayar baɗi da na biya ta riƙe 600,000. Hatsin gida 300,000. Kuɗin da na ɗiba don hidimar iyali 1,400,000. Bashin da nake bi da wanda ake bi na kusan yadda suke a farkon shekara suka ƙare, haka ma kuɗin hannu. In ka haɗa, 3,800,000 cif. Da a ce an sami tazara mai yawa, to akwai cinikin da ba a rubuta ba, ko bashin da aka manta, ko hannun da ke shiga aljihun teburi ba da sanina ba. Wannan gwajin ya fi amfani ga mai shago fiye da jami'in haraji.

Yanzu harajin kansa. Kafin a ɗora ma'auni, sabuwar dokar ta ba mai zaman haya rangwame: kashi 20 cikin ɗari na hayar gidan da ya biya a shekara, amma kada ya wuce naira 500,000. Hayar gidana dubu ɗari biyar ce, rangwamena 100,000 ke nan. Abin da za a yi wa haraji ya koma naira 3,700,000.

Harajin hawa-hawa ne kamar matattakala. Naira 800,000 na farko babu ko kwabo a kansu. Naira 2,200,000 da ke biye, kashi 15 cikin ɗari, wato 330,000. Abin da ya haura miliyan uku har zuwa miliyan goma sha biyu, kashi 18 cikin ɗari. Ni 700,000 kawai na shiga wannan hawan, harajinsu 126,000. Gaba ɗaya naira 456,000. Na sha jin ana cewa gara mutum ya ɓoye riba kada ya tsallaka miliyan uku a caje shi kashi 18 a kan komai. Rashin fahimta ne. Ɓangaren da ya haura ne kawai ke ɗaukar sabon kason, na ƙasa yana nan yadda yake. Wanda kuma ribarsa ta shekara ba ta wuce dubu ɗari takwas ba, ba a bin sa komai, ko da cinikinsa ya kai miliyoyi.

Dubu ɗari huɗu da hamsin da shida kuɗi ne, ba zan ce ba su da ciwo ba, musamman ganin ribar tawa rabinta ba ta hannu, tana cikin kaya da haya. Amma bai kai naira ɗaya da rabi a cikin kowace ɗari ta ciniki ba. Dabarar da na ga ta fi sauƙi ita ce raba shi gida goma sha biyu, dubu talatin da takwas duk wata, a ajiye gefe, don kada lokacin biya ya zo a taɓa jari.

Wasu kan tambaya ko zakka na rage haraji. Zakka ba ɗawainiyar kasuwanci ba ce, kuma lissafinta daban: ita a kan dukiyar da ta kai nisabi ta shekara ake fitar da ɗaya cikin arba'in, a farashin kasuwa na ranar, haraji kuwa a kan riba. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu sai an ƙirga kaya, kuma wanda ya saba ƙirgawa don zakka ya riga ya iya mafi wahalar aikin.

Wajen biya, jihar da kake zaune ita ke da harajinka, ba jihar haihuwarka ba. Mu na nan, Hukumar Tara Haraji ta Jihar Legas muke kai wa bayanin shekarar da ta wuce, kafin ƙarshen 31 ga Maris. Wanda ke Ibadan, Oyo zai kai. Na Fatakwal, Ribas. Yin rajistar sunan shago bai mayar da shi kamfani ba, saboda haka sassaucin da ake ji an yi wa ƙananan kamfanoni bai shafi mai shago shi kaɗai ba. Kuma in ka je babu littafi, jami'i na da damar ƙiyasta maka da nasa ganin, kuma abin da zai gani shi ne girman shagonka da buhunan da ke jibge. Littafin da nake amfani da shi na 'yan makaranta ne mai shafi tamanin: shafin dama ciniki, na hagu sari da ɗawainiya, can baya kuma abin da aka ɗauka zuwa gida. Rasiɗan mota da na haya suna cikin leda a aljihun teburi, wata-wata.