Mako Guda Ina Auna Intanet a Bata

Wata ranar Talata, a ɗakin da nake aiki a saman wani bene da ke Bata, na shafe minti arba'in ina ƙoƙarin tura wa edita bidiyo mai nauyin megabait 300. Kafin ya isa, an gama labarai. Na fusata, har na ƙudura cewa gobe zan shiga Titin Beirut in sayi sabuwar na'ura. Da na huce, sai na ɗauko littafin rubutu, domin ban san takamaiman abin da ya lalace ba.

Na ja layuka shida: rana, lokaci, saurin saukewa, saurin ɗorawa, jinkirin amsa da manhajar Speedtest ke kira Ping, sai yawan sandunan sabis. Nakan auna sau huɗu a yini: bakwai na safe, ɗaya na rana, biyar na yamma da tara na dare. Waya ɗaya, bakin taga ɗaya, sauran manhajoji a rufe. Idan aka sauya wuri ko waya, to alƙaluman ba su kwatantuwa da juna.

Zuwa Alhamis hoton ya fara fitowa. Da safe ina samun kusan Mbps 20 wajen saukewa, 8 wajen ɗorawa. Da biyar na yamma kuwa, lokacin da Kasuwar Sabon Gari ta cika maƙil, saukewa kan faɗi zuwa 3, ɗorawa zuwa 1, jinkiri ya tashi daga ms 40 zuwa sama da 200. Amma sandunan sabis huɗu ne cif a kowane awo.

Wannan layi na ƙarshe shi ya warware mini matsalar. Da raunin sabis ne, da sanduna sun ragu, kuma da safiya ma ba ta tsira ba. Turken sadarwa guda yana raba ƙarfinsa ne tsakanin duk wayoyin da ke rataye da shi, ciki har da na 'yan kasuwa da na'urorin masu cire kuɗi. Ranar Lahadi, da shaguna da dama suka kasance a rufe, awon yamma ya ba ni 14.

Lissafin bai da wuya. Megabait ɗaya megabit takwas ne, don haka bidiyona megabit 2,400 ne: minti arba'in a kan Mbps 1, minti biyar a kan 8.

Littafin yana da iyaka. Mako guda ba ya nuna abin da damina ko jajiberin Sallah za su kawo, kuma awo 28 ɗin nan sun cinye mini data kusan gigabait guda. Sai dai ban sayi na'urar ba. Yanzu manyan bidiyoyi da sassafe nake tura su, na gaggawa kuma in rage musu nauyi tukuna.