Asibitin Buta A Zauren Gidanmu

Mai karatu, sau nawa ka ga wannan a fim? Jaruma tana girki, mai ya fallatso mata a hannu, sai kishiya ko uwar miji ta rugo da makilin ta shafa mata. An gama, an wuce zuwa waƙa. To, ni na ga inda ake ƙarewa bayan waƙar, domin a gidanmu na Kunci an yi wa 'yar yayana haka, kuma tabon yana nan a cinyarta har yau.

Da hunturu ne. Kunu ya zube mata tana 'yar shekara 6, yayyenta biyu suna tsaye. Ba su kira kowa ba. Jan ta suka yi bayan rumbu suna rarrashi, don su aka bar wa tsaron tukunyar, sun san bulala na jiran su. Kafin uwar ta ankara zanen ya riƙe zafin a jikin fata, aka zo kuma aka ɗora makilin da ɗanyen ƙwai. Kwana uku wurin ya soma ruwa yana wari, sai asibiti.

Da na je hutu na tara yaran gidan a zaure na ce yau fim za mu shirya, ni ne darakta. Ka san yaranmu da fim, ko rabon alewa ban yi ba suka cika tabarma. Kayan aikin duka buta ce, da roba, da tsabtataccen ƙyalle, sai jar ƙasa da muka kwaɓa ta zama ƙuna. Mutum uku a kowace fitowa: majinyaci, likita, da ɗan aike.

Aikin likita ɗaya ne tak, zuba ruwa. Ruwan randa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a hankali a kan ƙunar har minti 20. A nan muka sha dariya, domin likitan farko ya juye butar cikin ƙiftawar ido ya ce, "Baffa, ya warke." Na sa agogon waya, suka ga minti 20 ba wasa ba ne, sai an yi ta cika buta. Dalilin shi ne fata tana ci gaba da dahuwa bayan an janye wutar, kamar yadda tuwo ke riƙe zafi a malmala. Ruwa ne ke zare zafin. Makilin, ƙwai, manja ko gishiri ba sa zare shi, datti kawai suke kai wa ciwon. Na koya masu a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a cire rigar da ta jiƙe da ruwan zafi, amma in tufa ta manne da fata kar a ja. Bororo kuma ba a fasa shi. In jariri ne, a lulluɓe sauran jikinsa, kar garin sanyaya ƙuna sanyi ya kama shi.

Sai dai fim ɗin ya so ya lalace mini ta inda ban zata ba. Kowa likita yake so, ba mai son zama ɗan aike. Na lura in na bar su haka, na koya masu su yi jinya a ɓoye ke nan, wato dai bayan rumbu da buta a hannu. Don haka na juya labarin, na ce ɗan aike shi ne jarumin fim, kuma shi zai fara tashi tun kafin a ɗauki buta.

Shi ma sai da muka yi ta maimaitawa. Yaro in ya ce "Umma ki zo," amsar da zai samu ita ce "ina zuwa," ta ci gaba da dakanta. Muka sa ya faɗi suna, abin da ya faru, da wurin: "Umma, Auta ta ƙone da kunu a madafa!" Wannan ba uwar da za ta ji ta tsaya. Kowace ƙuna a kira babba. Shi babban kuma ya wuce asibiti in ƙunar ta fi tafin hannun yaron girma, ko tana fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko wurin ya yi fari ko baƙi ba ya zafi. Rashin zafin nan shi ya fi muni, alama ce ƙunar ta yi zurfi.

Fitowa ta ƙarshe ba ta yara ba ce. Na roƙi matar yayana ta fito a matsayin uwa, ta ƙi, ta ce ita ba 'yar fim ba ce. Da ƙyar ta yarda. Ɗan aike ya rugo ya faɗi nasa, ita kuwa da bakinta ya buɗe sai, "Uban wa ya ce ku je wurin wuta?" Zauren ya yi tsit. Na ce a sake. Sai a karo na uku ta iya cewa, "Allah ya yi maka albarka da ka faɗa mini, mu je." Babban ɗanta, wanda ya ja ƙanwarsa bayan rumbu a wancan hunturun, ya ɗago kai ya ce, "Umma, da gaske kike ko fim ne?"