Tsohuwar manhaja da doguwar tafiya zuwa gajimare

Idan aka ce an mayar da manhaja gajimare, abin da ake nufi shi ne an ɗauke ta daga kwamfutar ofis an ɗora a kan sabar haya da ke wata cibiya mai nisa. Hanya biyu ce. Ko dai a ciccibe ta yadda take a dire a can, ko kuwa a warware ta a sake ɗinka ta daidai da sabon mazauninta. Masu sayar da aikin sun fi son a yi muhawarar a kan farashi, amma abin da na gani a wata ƙungiyar manoma da ke yankin Dambatta ya sa nake ganin tambayar farko ita ce ta nisa.

Ƙungiyar tana ba da taki bashi a farkon damina, ta karɓi biya da kaka, sau da yawa da gero ko dawa. Lissafin duka yana cikin wata tsohuwar manhaja mai rumbun bayanai na SQL Server, a kan kwamfuta ɗaya da ke fama da ƙura da ɗaukewar wuta. Shugabanni suna so malaman da ke ƙauyuka su riƙa shigar da biya daga inda suke.

Ciccibawa tana da daɗin ji: aikin 'yan kwanaki, ba a taɓa ko layi ɗaya na manhajar ba, ba a sake koya wa kowa komai ba. Sai dai irin waɗannan manhajoji an rubuta su ne da zaton rumbun yana ɗaki ɗaya da su, don haka suna da surutu. Kafin shafin manomi guda ya buɗe, manhajar kan aika tambaya bayan tambaya, kowace tana jiran amsar ta gabanta. A ce tambayoyin 200 ne. A cikin ofis kowace ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, shafi ya buɗe kafin ƙiftawar ido. A mayar da rumbun Cape Town, inda AWS ya buɗe cibiyarsa a 2020, a bar manhajar a nan: idan zuwa da dawowar kowace tambaya ta layin waya ya ɗauki kashi 150 cikin dubu, shafin zai ci daƙiƙa 30. Ranar rabon taki, da mutane a layi cikin rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Alamar cutar ba ta ɓuya: sabar tana zaune ba ta aikin komai, mai aiki kuma yana kallon allo. Sayen babbar saba ba ya maganinta, domin hanyar ce ta yi tsawo.

Ga kuma kuɗi. Sabar da aka ciccibo tana kunne kimanin awa 730 a wata, ana lissafin kuɗinta da dala, alhali aikin ƙungiyar na 'yan watanni ne a shekara. Wanda ya yi kasafi kafin Yunin 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a hukumance, ya tarar da ita ta haura 1,500 a Fabrairun 2024.

Sake ɗinki yana gyara duka biyun. Ana haɗe tambayoyin su zama ɗaya, ana biyan iya aikin da aka yi, ana kuma iya sa wayar malami ta ajiye bayani idan sabis ya ɗauke, ta aika daga baya. Amma a nan ne na fi jin tsoro. Tsohuwar manhaja ma'ajiyar ƙa'idojin da ba wanda ya rubuta ce: tiya nawa ake lissafa wa buhu, da wane farashin kasuwa ake ƙiyasta hatsin biya, yadda ake ɗage bashin wanda fari ya ci gonarsa. Wanda ya rubuta ta ya daɗe da barin aiki. Idan sabon gini ya manta ƙa'ida ɗaya, allo ba zai nuna kuskure ba. Sai da kaka wani dattijo zai ce an ƙara masa bashi, kuma a ƙauyen da kowa ya san kowa, irin wannan magana ba ta mutuwa da wuri. Aikin ma na watanni ne, ga kuɗin ƙwararru tun kafin a ga amfani.

Da ni aka tambaya, zan ce a ciccibi manhajar da rumbunta tare, kada a raba su, ma'aikatan ofis su riƙa leƙa ta daga nesa ta Remote Desktop, yadda hoton allo kaɗai zai riƙa bin layi. Wannan ya kuɓutar da bayanan daga ƙura da wuta, ko da yake idan sabis ya yanke aiki ya tsaya. Daga nan a sake ɗinka ɓangare ɗaya tak, wato shafin karɓar biya a ƙauye. A bar tsoho da sabo su yi kaka guda tare, kowace yamma a gwada jimillarsu. Kuma a yi ƙaurar da rani, tsakanin Janairu da Maris, lokacin da an gama karɓar bashi, takin bana kuma bai iso ba.