Azumi Ya Ƙarato: Ƙarfe Nawa Za Mu Riƙa Shan Ƙwayar Tazara?

Mu da ke ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a nan Tsauni mun san ƙa'idar asusu: ranar zubi ranar zubi ce, wadda ta yi latti kuma ta san akwai tara. To ƙwayar tazarar haihuwa ma haka take. Tana da lokacinta, kuma tana da tararta. Bambancin kawai, tarar asusu ba ta wuce 'yan daloli, amma tarar ƙwaya tana iya zama rurrutsa, ga goyo a baya ga sabon ciki, a lokacin da jikin uwa bai gama hutawa ba.

A watanni goma sha ɗaya na shekara, kowacce da lokacin da ta saba. Wata da koko da safe, wata bayan azahar, wata sai za ta kwanta. Da an ga watan Ramadan sai lissafin ya rikice, domin haɗiye ƙwaya da rana yana karya azumi. Daga nan sai mu kasu. Wata ta ce bari in jira shan ruwa. Wata ta ce bari in aje katin sai bayan salla. Ita wannan ta biyu ta fi shiga haɗari, don kowa ya san addini ya halatta wa miji iyalinsa a daren azumi. Ba sai an aje ƙwaya ba. Lokacinta ake gyarawa, kuma gyaran yana da hanya.

Kafin komai, kowacce ta ɗauko katinta ta duba, don ƙwayoyin da ake ba mu a likita, a nan Tsauni ko a Matamaye, iri biyu ne kuma haƙurinsu ba ɗaya ba ne. Akwai mai sinadari biyu, irin Mikrojinon. Katinta ƙwaya 28 ne: 21 masu hasken launi su ne maganin, 7 masu ruwan ƙasa kuma na ƙarin jini ne, a satinsu al'ada take zuwa. Wannan tana hana ƙwan mace fitowa ne gaba ɗaya, shi ya sa lattin 'yan awoyi ba ya karya ta. Sai kuma mai sinadari ɗaya, irin Mikrolut, wadda aka fi ba masu shayarwa. Ƙwayoyinta duk launi ɗaya ne, babu satin hutu, kati na ƙarewa a buɗe wani. Babban aikinta shi ne ta kaurara ruwan bakin mahaifa ya zama kamar ƙofa a rufe, kuma wannan rufin ba ya daɗewa sosai bayan kwana ɗaya. Idan lokacin sha ya wuce da awa 3, ƙofar ta fara buɗewa. Saboda haka maganarmu ta yau ta fi shafar masu goyo.

Ƙa'idar canza lokaci guda ɗaya ce, kuma ita muke so kowa ta haddace: a matso da shan ƙwaya kusa, kada a tura shi nesa. Idan tsakanin ƙwaya da ƙwaya bai kai kwana ɗaya cur ba, babu abin da ya lalace. Idan ya zarce ne ake samun kafa.

Mu ɗauki misalin mai shayarwa da ɗanta ke da wata tara, al'adarta ta dawo, tana shan Mikrolut kullum ƙarfe 8 na safe. An ga wata daren Talata, ranar Laraba ɗaya ga azumi. Ta sha ƙwayarta ranar Talata ƙarfe 8 kamar kullum. Idan ranar Laraba ta jira har aka sha ruwa, wajen ƙarfe 7 na yamma, to mu ƙirga tare. Daga 8 na safen Talata zuwa 8 na safen Laraba awa 24. Daga nan zuwa 7 na yamma ƙarin awa 11. Ta yi awa 35 ke nan ba ta sha ba, alhali iyakar abin da ƙwayar ke ɗauka awa 27 ne. A ganinta ba ta tsallake ko rana ɗaya ba, kati ma zai nuna haka, amma a jikinta ta tsallake.

Hanyoyin da suka dace da ita biyu ne. Ta farko, ta sha ta Laraba da sahur, wajen ƙarfe 4 da rabi na asuba. Tsakanin ya zama awa 20 da rabi, ya ragu, babu matsala. Ta biyu, ranar Talatar nan da aka ga wata, bayan ta sha ta safe, ta ƙara shan ta gaba da dare bayan isha'i, ƙarfe 8, daga nan kuma ta ci gaba da shan guda ɗaya kowane dare a wannan lokaci. Ƙwaya biyu a rana ɗaya ba ta cutarwa, sai dai wata takan ɗan ji tashin zuciya, kuma katin zai ƙare da kwana ɗaya kafin lokacinsa.

Mu dai a wurinmu hanyar dare ta fi. Dalili kuwa mun san halin sahur. Mace ta yini tana aiki da ƙishirwa, ta yi girki, ta je asham, ta kwanta a gajiye. Wata rana sai kiran assalatu ne zai tashe ta. Mai shan ƙwaya da sahur, idan ta makara, ta shiga tsaka mai wuya, domin ba ta da damar haɗiye komai sai magariba. Amma mai sha ƙarfe 8 na dare, ko ta manta, tana da har ƙarfe 11 ba ta fita daga ƙa'ida ba, kuma bakinta a buɗe yake. Ga shi cikinta da abinci, tashin zuciya ya fi sauƙi. Kada dai a sha ta da kurɓin farko na buɗa baki a kan ciki wayam. A bari kunu da tuwo su zauna tukuna. Wadda ke da salula ta sa mata ƙararrawa, wadda ba ta da ita ta ɗaure abin da sallar isha'i: ana sallamewa, sai kati.

To idan lattin ya riga ya faru fa? Ga mai Mikrolut da ta wuce awa 3, ta sha guda ɗaya da zarar ta samu dama, ta sha ta gaba a lokacinta ko da sun zo kusa da juna, sannan kwana 2 a yi amfani da kwaroron roba ko maigida ya yi haƙuri. Kwana biyun nan su ne lokacin da ruwan bakin mahaifa ke buƙata ya sake kauri. Idan kuma an riga an sadu a cikin kwana 5 da suka wuce, ta je likita ta faɗa wa ungozoma, akwai ƙwayar gaggawa, kuma gwargwadon saurin shanta gwargwadon aikinta. Sassauci ɗaya ne a nan: mai jego da ɗanta bai kai wata 6 ba, tana shayarwa, al'ada kuma ba ta dawo ba, ita sai ta sha ta ci gaba kawai, nonon yana taya ta tsaro.

Mai Mikrojinon lissafinta daban ne, da kwanaki ake yin sa. Idan ta manta guda ɗaya ko biyu, ta sha ɗaya da ta tuna, ta ci gaba, ba ta da tara. Don haka ita ko ta tashi daga safe ta koma shan ruwa kai tsaye, ba ta fita daga kariya ba, ko da yake matsowa kusa ya fi ko a wurinta. Idan ta manta 3 ko fiye a jere, ko ta yi lattin buɗe sabon kati da kwana 3, ta sha ɗaya, ta ci gaba, tararta kuma kwana 7 ce ta kwaroron roba ko haƙuri, tare da maganar ƙwayar gaggawa idan an sadu cikin kwana 5. Idan mantuwar ta faɗo a layi na uku, wato sati na ƙarshe na masu haske, ta gama masu hasken, ta zubar da masu ruwan ƙasa 7 ɗin, ta buɗe sabon kati washegari. Dalili shi ne satin masu ruwan ƙasa hutu ne daga magani, kuma ba a haɗa mantuwa da hutu wuri ɗaya. Wannan ya sa muke cewa kowacce ta ƙirga katinta tun cikin Sha'aban, ta karɓo na gaba. Tafiya likita da azumi a baki cikin rana ita ke sa a ce gobe, gobe, har kwana uku su wuce.

Amai ma yana shiga wannan lissafi. Bayan shan ruwa wata takan cika ciki da ruwan sanyi har ya dawo. Idan aman ya zo cikin awa 2 da shan ƙwaya, a ɗauka ba a sha ba, a sake ɓallo wata a sha, kowane iri ne.

A kwanakin da al'ada ta zo aka aje azumi, kada a koma tsohon lokaci. A bar ƙwaya inda aka aje ta, don yawan kai da kawowa shi ke haifar da mantuwa. Akwai kuma masu son tsallake masu ruwan ƙasa don su azumci watan duka. Da Mikrojinon hakan yana yiwuwa, ana gama 21 a buɗe sabon kati, sai dai wata takan ga ɗigon jini jefi-jefi, ya rikita mata lissafin tsarki. Wadda ke so ta fara shawara da ungozoma, hukuncin ɗigon kuma ta tambayi malamai. Mikrolut ba ta wannan aikin, kuma ƙara yawanta ba ya tsayar da al'ada.

Tarko na ƙarshe yana ranar salla. Wadda ta yi wata guda tana shan Mikrolut ƙarfe 4 da rabi na asuba, ranar idi ba sahur, ga wanka ga shirin yara, sai ta ce bari in koma 8 na safe kamar da. Awa 3 da rabi ta ƙara, ta haye iyaka ba ta sani ba. Idan komawa take so, ta yi shi a hankali: ranar salla ƙarfe 6 da rabi, washegari ƙarfe 8. Mai shan ta dare kuwa ba ta da abin canzawa. Ga Sitta Shawwal na tafe, ga ramuwa, ga masu azumin Litinin da Alhamis, duk ba za su taɓa ta ba. Shi ya sa da yawa daga cikinmu muka mayar da bayan isha'i lokacinmu na shekara duka.

A zubin da ke gaba, bayan an rufe akwati, muna roƙon kowace shugabar ƙungiya ta ware ɗan lokaci a karanta wannan takarda da ƙarfi saboda waɗanda ba su yi yaƙi da jahilci ba. Ba sai kowa ta faɗi sirrinta a bainar jama'a ba. Wadda ba ta gane irin katinta ba, ta ƙulle shi a bakin zane ta nuna wa ungozoma kafin a ga wata. Allah ya kai mu Ramadan lafiya, ya karɓi ibadarmu, ya raya mana zuri'a.