Mutum Biyar Da Na Cire Daga Labarina



A 2023 na gama rubuta wani gajeren fim kan ɗan kabu-kabun Illela da aka ba amanar kuɗi ya kai Ƙwanni, suka ɓace a hanya. Fitowa 22 ce, wurare tara, 'yan wasa 14. Mai kyamarar da zan ɗauko daga Sakkwato ya duba ya ce aikin kwana takwas ne, ni kuwa kuɗin da Yaya ya ranta mini na kwana huɗu ne. Ana cikin haka aka yi juyin mulki a Nijar, a watan Agusta aka rufe boda, ɗauka a Ƙwanni ta gagara.

Sai na ja layi huɗu a takarda: fitowa, wuri, mutane, kaya. Nan na gane ba yawan shafi ke cin kuɗi ba, tashi ne. Duk sauya wuri sai an kwashe fitilu da janareta, an biya mota, an sake saiti, kusan rabin yini ya tafi. Don haka duk wurin da fitowa ɗaya ce tak a cikinsa na soke shi, na mai da zancen wani wurin. Saura uku: zaure, teburin mai shayi, da hanyar bayan gari. Kasuwar Lahadi kuwa hayaniyarta kawai muka naɗa, muka sa a bayan hirar mai shayi.

Mutane kuma na tambayi aikin kowa. Kawu, liman da mai unguwa duk nasiha suke yi, suka zama Kawu shi kaɗai. Abokai biyu suka zama ɗaya. Jami'in boda ya tafi da kakinsa, ƙanwar jarumi ma ta tafi. Haɗarin da ke buƙatar hayar mota ya koma ƙarar birki da tayar babur tana juyawa a ƙasa.

Amma na yi ɓarna ban sani ba. Da na karanta wa Inna sabon rubutun, muna zuwa inda jarumi ya tunkari ɓarawon sai ta tsayar da ni: "To, wa ya gaya mishi shi ne?" Ashe ƙanwar ce ta ga abin. Na cire ta tare da labarin da take ɗauke da shi. Washegari na ba mai shayi wannan aikin, tunda dama komai a gabansa ake yi.

Mun gama a kwana huɗu. Yanzu kafin in cire kowa, sai na rubuta abin da ya sani da wanda ya gaya wa, sannan in karanta wa wanda bai san labarin ba.

Allah Ya sa mu dace.