Hoton Mako na Biyu

A Birtaniya, wanda ya faɗi ya dafa ƙasa har wuyan hannunsa ya karye, hoto biyu ake fara yi masa, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, domin ƙashin da ya goce baya yana iya fitowa a miƙe idan ta gaba kawai aka duba. Ƙashi fari yake fitowa, karaya kuwa baƙin layi ne da ya ratsa farin. Wannan duk ana yi a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Inda hanya ta rabu shi ne bayan an ja hannun, an daidaita, an sa siminti. A nan Birtaniya ana ba mutum ranar dawowa bayan mako ɗaya, sau da yawa kuma a sake a mako na biyu. A gida kuwa, da yawa daga hoton ranar farko ba su komawa, wasu su zarce wurin mai ɗori. A ganina hoton da ake tsallakewa ɗin nan ya fi na ranar cire siminti amfani.

Dalilin yana cikin kumburi. Ranar da aka sa siminti hannu a kumbure yake. Da kumburin ya saɓe sai simintin ya yi sako-sako, ƙashin da aka daidaita ya samu wurin zamewa, majinyaci kuma bai sani ba, tunda ciwo raguwa yake yi. Idan hoto ya kama wannan cikin mako biyun farko, ana iya sake daidaitawa ko a yi aiki a sa ƙarfe. Bayan mako uku ƙashin ya fara kamawa a karkace, gyara ya koma babban aiki.

Hoton yana iya tayar da hankali. A kwana goma zuwa sha huɗu layin karayar kan ƙara faɗi, saboda jiki yana cinye matattun bakunan ƙashin kafin ya fara gini. Abin da ke fara haɗa su kuma guringuntsi ne, wanda hoto ba ya kamawa. Sai wajen mako na uku sabon ƙashi ke bayyana, dishi-dishi kamar hazo. Shi ya sa idan aka cire siminti a mako na shida, likita ya fi dogara da danna wurin ya ga ko akwai zafi.

Za a ce masu ɗori sun warkar da dubbai ba da hoto ba. Gaskiya ne, domin karayar da ba ta goce ba tana haɗewa da kanta in an hana ta motsi, kuma Birtaniya ma ba ta maimaita wa irinta hoto. Amma yatsu, komai gwanintarsu, ba sa auna karkata a ƙarƙashin kumburi da karare. Za a ce kuɗi, kuma wannan uzuri ne mai nauyi. Duk da haka, mai kuɗin yin hoto sau biyu kacal gara ya yi na farko, ya ajiye na biyun zuwa kwana na goma.